Yadda ake haɗa dattijo da yaro su koyar da juna a kan littafin bashi

A manyan shaguna da mangazojin Maradi, daga babbar kasuwa har hanyar Dan Isa, kusan ko'ina za ka tarar da mutum biyu suna aiki wuri ɗaya amma kowa na riƙe da rabin ilimin gidan. Dattijo ya san wanda ake ba kaya bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama, amma in saƙon kuɗi ya shigo wayarsa sai ya kira yaro ya karanta masa. Yaro kuwa yana iya haɗa tablo, wato jadawalin lissafi, a waya cikin minti biyar, amma ka tambaye shi ko a ba wane buhu goma, sai ya dubi tufafin mutumin ya ce a ba shi.

Tsarin sa ƙarami ya koyar da babba ya yi suna ne a 1999, lokacin da Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na Amurka, ya sa manyan manajojinsa su nemi matasan ma'aikata su koya musu intanet. A can ɓangare ɗaya aka fi dubawa. Wanda ya dace da gidan kasuwanci irin namu shi ne mai hannu biyu, kuma yana tafiya ne kawai idan an ɗora shi a kan aiki ɗaya da dukansu biyu suke taɓawa kullum. A shagon sari wannan aikin shi ne littafin bashi. In aka ce wa yaro “koya wa Alhaji waya”, aka ce wa Alhaji “ka riƙa ba shi shawara”, cikin mako biyu abin zai koma hira. In kuwa aka ce su mayar da kayen bashi cikin tablo tare, dole kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa abin da ya sani, don aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

Wa za a haɗa da wa

Kada a zaɓi yaron da ya fi kowa iya waya. A zaɓi wanda ya fi haƙuri, wanda in an tambaye shi abu sau uku muryarsa ba ta canzawa. Wanda ya fi iyawa yawanci hannunsa ya riga bakinsa, kafin dattijo ya ga abin da ya faru ya riga ya danna wuri huɗu. Ana gane mai haƙuri da gwaji ɗan ƙarami: a ba shi wani da bai iya ba ya koya masa adana lambar waya, a tsaya nesa a duba ko ya fizge wayar daga hannunsa.

In da hali, kada a haɗa uba da ɗan cikinsa. Kunya ta shiga tsakani ta fuska biyu, musamman ɗan fari, kuma uba ba ya son ɗansa ya gan shi yana lalube. Ɗan ƙane, ko yaron shago da ya shekara biyu zuwa uku a gidan, ya fi. Haka nan in ma'aikata ce mai ofis da yawa, gara yaron ya fito daga wani sashe, ba wanda dattijon ke sa wa hannu a takardar albashi ba, don yaro ba ya iya ce wa mai biyansa “ba haka ba ne”. A shago ba kasafai ake samun wannan zaɓin ba, shi ya sa mai gida da bakinsa zai faɗa tun farko, a gaban yaron, cewa a wannan zaman ya yarda a gyara masa. Inda Hajiya ce ke riƙe da kasuwanci, a nema mata yarinya ko ɗanta na riƙo, abin ya fi sauƙi ga kowa.

Yadda ake magana ma yana da tasiri. Yaro ba ya cewa “ka yi kuskure”. Yana cewa, “Alhaji, ku sake dubawa, wannan gidan ne ko na ƙasansa?” Girma bai faɗi ba, kuma dattijon da kansa ya gano.

Lokaci da wuri

Zama biyu a mako, minti 40 kowanne, har mako 8. Rabin farko na yaro ne, rabin ƙarshe na dattijo, kuma ba a cin rabon wani. In aka bari rabin yaro ya cinye duka, yaron zai ga an mai da shi malamin kyauta, ya fara laɓewa. In rabin dattijo ya cinye, an koma wa'azi.

A zaɓi lokacin da ciniki ke lafawa, tsakanin azahar da la'asar, ba ranar kasuwa ba, ba ranar saukar kaya ba. A shiga cikin mangaza ko ɗakin lissafi a turo ƙofa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: dattijon da abokan ciniki suka gani yaro na nuna masa abu da yatsa sau ɗaya, da wuya ya sake zama. A tanadi waya mai caji, forfe na intanet, kaye ƙarami da bik na dattijo shi kaɗai, da tabarau in yana da shi. Da yawa daga abin da ake kira “Alhaji ba ya ganewa” rashin gani ne kawai. A ƙara girman rubutun waya tun ranar farko. Lokacin hunturu kuma busasshen yatsa ba ya kama gilashi da kyau, sai a danna abu ya ƙi, ɗan man shafawa a yatsa ko alƙalamin taɓa gilashi na maganinsa.

Rabin yaro: waya tana hannun dattijo

Dokar wannan rabin ɗaya ce, yaro ba ya taɓa wayar. Ya sa hannuwansa a kan gwiwa ya yi bayani da baki. Ya nuna sau ɗaya a tasa wayar, dattijo ya yi sau uku a tasa, sannan ya rubuta matakan a kayensa da kalmominsa, da boko ko ajami ko faransanci, duk wanda hannunsa ya saba. Zama na gaba ana farawa da maimaita na baya ba tare da taimako ba. In ya kasa, ba a ci gaba. Abu ɗaya ake koyarwa a kowane zama.

Mako na 1 da na 2 na tsaro ne, tun kafin a zo kan tablo, domin nan ne kuɗi ke salwanta. Abu na farko shi ne bambance saƙon kuɗi na gaskiya da na ƙarya. Ɗan damfara kan turo saƙo mai kama da na kamfani, sannan ya kira ya ce ya yi kuskuren lamba, a mayar masa. Abin da dattijo zai koya ba karanta saƙon ba ne, duba asusunsa da kansa ne, ko a manhajar kamfanin ko ta lambar da kamfanin ya bayar. Hoton rasi da aka turo ta WhatsApp ba shaida ba ce, ko na Nita ne ko na Amana ko na banki. Kaya ba ya fita sai an ga kuɗi a asusu ko an karɓo a hannu.

Abu na biyu, lamba shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa ita, ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ko ya zo da sunan wani aboki. Wanda ya samu lambar ya ɗauke asusun, ya shiga roƙon kuɗi da sunan Alhaji wurin duk abokan huldarsa. A kunna kariya ta biyu a wannan zaman. A waya mai faransanci hanyar ita ce `Paramètres`, sai `Compte`, sai `Vérification en deux étapes`. Lokacin da dattijo zai sa lambobin sirrinsa, yaro ya juya baya. A mai da wannan al'ada tun farko, har ga kode na asusun kuɗi. Ba zargi ba ne, kariya ce ga yaron: ranar da kuɗi suka ɓace, wanda bai taɓa sanin kode ba ba a kallonsa.

Daga mako na 3 ake shiga tablo. Excel na waya ko Google Sheets, duk wanda yaron ya fi sani, amma a tabbatar fayil ɗin na buɗuwa in babu rezo. A fara da layin tsaye biyar kacal: A rana, B lambar mai bashi, C kaya, D abin da ya ɗauka, E abin da ya biya. Kowace hulɗa layi ɗaya a kwance. Ba a goge layi, ba a gyara tsohon adadi. In mutum ya kawo kuɗi, sabon layi ake buɗe masa, kamar dai yadda ake yi a kaye.

Me ya sa lamba ba suna ba? Saboda mutum ɗaya kan fito a kaye da suna uku. Yau an rubuta Issoufou yadda yake a takardar ɗan ƙasa, gobe Yusufu, jibi Isuhu mai sukari. Dattijo ya san duk mutum ɗaya ne, tablo bai sani ba, zai raba bashin gida uku, kowanne ya fito ƙarami. Don haka a gefe, a layin G da H, a jera sunaye, kowa da lambarsa: 1, 2, 3. Wannan jerin dattijo ne kaɗai zai iya yin sa, kuma a nan ne yaro ke fara jin cewa mutum biyu da yake ɗauka daban wa da ƙane ne masu aljihu ɗaya.

Sauran bashin kowa, in lambarsa na gidan H2, yana fitowa da wannan a Excel mai faransanci:

```
=SOMME.SI(B:B;H2;D:D)-SOMME.SI(B:B;H2;E:E)
```

In manhajar da turanci take, kamar yawancin wayoyin da ake sayowa daga Katsina ko Kano, sunan aikin da alamar rabawa duk sun canza:

```
=SUMIF(B:B,H2,D:D)-SUMIF(B:B,H2,E:E)
```

Yaro ne zai rubuta wannan sau ɗaya ya ja shi ƙasa. Ba a buƙatar dattijo ya haddace shi. Abin da ake so ya iya uku ne: shigar da sabon layi, nemo mutum, da karanta sauran bashinsa. Amma a nuna masa a fili cewa abin da na'urar ke yi shi ne tara abin da aka ɗauka a cire abin da aka biya, ya gwada da mutum biyu da ya san lissafinsu a ka. Sai ya ga adadin ya yi daidai da nasa zai yarda da tablon.

Inda lissafi ke karkacewa

Kuskure mafi tsada a Maradi na dala ne. Dattijo na lissafi da baki da dala, ita kuwa dala faran 5 ce. In ya ce “dala ɗari”, faran 500 yake nufi. Jika ɗaya faran 1000 ce, wato dala 200. Yaron da ya yi makarantar boko yana rubuta faran. In dattijo ya faɗi “ɗari uku” yaro ya buga 300, alhali 1500 ake nufi, bashin ya ragu ninki biyar ba wanda ya sani. Maganinsa, a yanke tun ranar farko cewa tablo faran kaɗai yake ci, a rubuta haka a saman layin D da E, kuma duk adadin da aka shigar yaro ya maimaita shi da baki ta fuska biyu: “faran dubu da ɗari biyar, dala ɗari uku ke nan, Alhaji.” Alamar wannan kuskuren ita ce bashin da ya yi daidai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke kaye.

Naira ma haka. Mai hulɗa da Jibiya ba ya rasa bashin naira. Kada a zuba naira da sefa a layi ɗaya. A buɗe wa naira shafinta daban, a rubuta canjin ranar da aka yi cinikin a gefe, tun da farashin canji ba ya zama wuri ɗaya.

Sai rubuta adadi da ado. Wanda ya saba da takarda zai buga `25.000 F`. Na'ura ba ta ɗauke shi lamba ba, rubutu ta ɗauke shi, ba za ta tara shi ba. Ko an cire `F` ɗin, manhaja mai turanci za ta karanta `25.000` a matsayin 25. A buga `25000` tsirara. Ana gane wanda ya lalace da ido: lamba na jingina a dama cikin gidanta, rubutu na jingina a hagu. Wannan dabarar dattijai kan kama ta da wuri, har su riƙa kama yaran da ita. Rana ma na da nata tarko, domin `03/04` a tsarin faransanci 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. A gwada da buga `25/04/2025`, in ta jingina a hagu an san tsarin wayar bai karɓe ta a matsayin rana ba, sai a gyara yankin a saitin wayar ko na manhajar.

Kada a jefar da kaye. Wata guda cur ana rubuta duka biyu, kowace Alhamis a gwada jimilla. In sun saɓa, a bi layi-layi har a samo. Ko bayan nan kaye ya ci gaba da zama wurin sa hannu ko dangwala yatsa, don ranar gardama abin da mai bashi ya taɓa da hannunsa ne yake yarda da shi. Fayil ɗin kuma ya zauna a asusun gidan ko na mai gida, ba a asusun yaron ba. Yara na tashi, wani ya tafi Yamai, wani ya buɗe nasa shago, bai kamata littafin bashi ya bi shi ba.

Rabin dattijo: yaro ne ke fara yanke hukunci

Wannan rabin ya fi wuya, kuma shi aka fi yi wa sakaci. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Matsalar ita ce babban ma sau da yawa bai san yadda zai faɗi abin da ya hango ba. Ka tambayi wanda ya shekara talatin yana sari yadda yake gane mai cin bashi, zai ce “ai ana gani”. Ba rowa yake yi ba, ilimin ya riga ya nutse ya zama ji a jiki. Tambaya a sarari ba ta fito da shi. Abin da ke fito da shi shi ne a sa wani ya yi kuskure a gabansa.

Don haka tsarin shi ne: a ɗauko mutum biyu ko uku na gaske daga kaye ko tablon. Yaro ya dubi lissafinsu ya faɗi abin da zai yi in shi ne mai shago, da dalilinsa, kafin dattijo ya ce uffan. Sannan dattijo ya faɗi nasa. Inda suka saɓa, nan darasin yake. Yaro ya bi da tambayoyi guda uku: me kuka gani da ban gani ba, me zai sa ku canza ra'ayi, kuma an taɓa yin irin wannan ya ɓaci? Ya rubuta amsar a jimla ɗaya ko biyu.

Ga misali da lambobi, na kwatance ne. A ce buhun sukari na jika 30. Mai lamba 7 ɗan tireda ne a Tibiri. Ya ɗauki buhu 10, faran 300000, bayan mako biyu ya kawo 200000. A ranar ya ɗauki buhu 8, faran 240000, bayan mako biyu ya kawo 150000. Ya sake ɗaukar buhu 12, faran 360000, ya kawo 230000. Bai taɓa wuce mako biyu bai leƙo da kuɗi a hannu ba. Yau ya zo yana son buhu 15.

Mai lamba 12 kuwa daga wajen Dakoro yake. Ana bin sa faran 180000, kwana 70 ke nan ko dala bai kawo ba, wayarsa ma sau da yawa ba ta shiga. Ya aiko ƙanensa yana son buhu 4.

Kusan kowane yaro zai ce a ba na 7, mai biya ne, a hana na 12 sai ya sauke na baya. Dattijo zai ce akasin haka. Game da na 12 zai ce, “Ɗana, wannan abokan cinikinsa makiyaya ne da manoma. Ba su da kuɗi a hannu sai an sayar da dabba ko an yi girbi. Shekara nawa yana ɗauka da bazara ya biya da kaka, bai taɓa saɓawa ba. Kuma wanda ya kawo shi gidan nan yana nan da rai, in na aika masa gobe zai zo.” Game da na 7 zai ce kawai hankalinsa bai kwanta ba, mutumin ya cika saurin dawowa, kuma ya daina taya farashi. Wanda ya daina neman ragi, in ji masu sari, ya fara tunanin ba shi zai biya ba.

A nan ne tablo ke biyan dattijo ladansa. In yaro ya bi sauran bashin na 7 bayan kowane biya, zai ga 100000, sai 190000, sai 320000. Ya ɗauki kayan 900000, ya biya 580000. Kullum yana biya, kullum ramin na ƙara zurfi, kuma kowane biya da kuɗin sabon kaya yake yin sa. A kaye wannan ba ya fitowa da sauƙi, domin hulɗar na warwatse a shafi shida. Abin da dattijo ya ji a jikinsa ga shi ya fito da lamba. In aka ba shi buhu 15, faran 450000, bashin zai kai 770000. Hukuncin da ya dace ba kora ba ce: a ce masa sabon kaya ba zai wuce rabin abin da ya kawo a ranar ba, har tsohon bashi ya sauka. Yadda ya karɓi wannan maganar ma wani labari ne, kuma yaro ya kasance a wurin yana saurare, bakinsa a rufe.

Bayan irin wannan zaman sai a koma kan tablo a ƙara masa abin da aka koya. A jerin sunaye a buɗe layi uku: iyakar bashin kowa, wanda ya tsaya masa, da ranar da ya yi alkawarin biya. Kwanakin da ake ƙirgawa daga ranar alkawari ne, ba daga ranar ɗauka ba. In ranar alkawari na gidan L2:

```
=AUJOURDHUI()-L2
```

A turanci `TODAY()` ne a madadin `AUJOURDHUI()`. In sakamakon ya fito da alamar ragi, lokaci bai yi ba. In ya fito kamar kwanan wata, a mai da tsarin gidan zuwa lamba. Da wannan gyaran na 12 ya daina fitowa a matsayin mai laifi, don alkawarinsa na kaka ne. Iyakar bashi kuwa dattijo ne ke faɗinta, mutum-mutum, yaro na tambayar dalili. Wannan layin shi ne wurin da shekarun dattijo ke shiga cikin na'ura.

Akwai abin da ba a rubutawa. Cewa wane na cikin rigimar gado, ko matarsa ce ke riƙe da jarin, ko ya taɓa karyewa a baya, duk dattijo zai iya faɗa wa yaro don ya fahimci hukuncin, amma ba ya shiga fayil. Fayil ana tura shi, ana buɗe shi a wayar da ta ɓace. A gaya wa yaro ƙarara cewa abin da ya ji a wannan ɗakin ba ya fita, kuma hoton tablon bashi ba ya shiga kowane zauren WhatsApp. Asirin mai bashi in ya tonu daga shagonka, ba shi kaɗai za ka rasa ba.

Ba duk abin da dattijo ya faɗa ne gwaninta ba, wannan ma a san da shi. Wani son rai ne da ya tsufa, kamar ƙin mutanen wani gari saboda abin da mutum ɗaya ya yi shekaru ashirin da suka wuce. Tambayar nan ta biyu, me zai sa ku canza ra'ayi, ita ce matata. In amsar ta zo da abin da ake iya dubawa, kamar mai tsaya masa ko biya uku a jere, ilimi ne, a rubuta. In amsar ita ce “babu”, yaro ya yi shiru cikin ladabi, amma kada ya mai da ita doka.

Daga mako na 6, da yadda ake gane ko abin na tafiya

A mako na 6 ake fara sakin hannu ta fuska biyu. Dattijo ya shigar da cinikin yini ɗaya cur shi kaɗai, yaro ya duba da yamma. Yaro kuma a ba shi ikon bayar da bashi shi kaɗai har wani ƙaramin adadi, a ce jika 25 ga mutum ɗaya, cikin mutanen da ke jerin kawai, ya kawo bayani a zama na gaba. A zaɓi adadin da in ya salwanta gidan ba zai girgiza ba, kuma a yarda tun farko cewa in ya salwanta ba za a cire daga albashinsa ba. In yaro ya san daga aljihunsa za a cire, ba zai ba kowa ba, ba kuma zai koyi komai ba.

Alamun lalacewa a bayyane suke. In har a mako na 4 dattijo na miƙa waya yana cewa “yi mini kawai”, an samu magatakarda ne, ba malami ba. A koma baya, a rage darasin zuwa abu ɗaya da yake so da kansa, ko da tura saƙon murya ne ga mai kawo masa kaya daga Kwatano. In kayen yaro babu sabon rubutu mako biyu a jere, dattijo ya koma ba da labarin zamanin da, sai a dawo da shi kan mutum biyu na cikin tablo. In an ɗage zama sau uku a jere, akwai abin da ɗayansu bai faɗa ba, galibi wata magana da ta taɓa girma. A nan ana buƙatar mutum na uku, mai gida ko wani babba da dukansu ke jin nauyinsa, ya ji kowa shi kaɗai. In ba ta gyaru ba a canza abokin zama ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba.

A ƙarshen mako na 8 gwajin biyu ne, a rana ɗaya. A tura yaro aike, wani mai bashi ya zo biya, dattijo ya nemo shi a waya, ya shigar da kuɗin, ya faɗa masa saura. Sannan a zaɓo mutum 10 daga jerin, yaro da dattijo kowa ya rubuta iyakar bashin da zai ba kowannensu ba tare da ya ga na ɗayan ba, a ajiye takardun biyu gefe da gefe. In sun yi kusa a kan 7 ko 8, a ɗaga wa yaron adadin da yake bayarwa shi kaɗai. Biyu ko ukun da suka saɓa a kansu su ne abin zama na gaba, wanda daga nan sau ɗaya a wata ya isa.